Sakan Talatin a Madafin Kaka

Duk wanda ya san Fiddausi ya san ba ta iya magana cikin mutane ba. Tun tana firamare in malami ya tambaye ta abu sai ta dubi yatsun ƙafarta, jami'ar da ta je ta yi a Sakkwato ma ba ta raba ta da wannan hali ba. Amma a ba ta takarda, to a nan bakinta yake. Shi ya sa ranar da kawunta, Alhaji Nasidi, ya ce ana son ɗan bidiyon talla na man gyaɗarsu kafin baje kolin da za a yi a Sakkwato, ba ta ce uffan ba a gaban ma'aikata. Sai da ta kwana biyu tana rubutu tana gogewa, sannan ta ajiye masa takarda shafi biyu a kan tebur.

Kamfanin nasu ba wani babba ba ne. Injin matsa biyu ne a wani gida da ke bayan 'yan shinkafa a Talata Mafara, da mota ɗaya mai kai kaya, da robobi masu ɗauke da suna Man Lantana. Lantana kuwa ita ce mahaifiyar Alhaji Nasidi, kakar Fiddausi ta wajen uwa, wadda ta ƙare ƙuruciyarta tana matsar mai da hannu a gidansu na Maradun. Da ƙuli-ƙulinta aka yi wa Nasidi jarin farko.

Shi dai kawu ya riga ya gama tsara nasa tallan a zuci. Za a kira mawaƙi ya wasa kamfani, shi ya tsaya jikin mota da babbar riga, ma'aikata su jeru suna ɗaga hannu. Ya juya takardar gaba da baya, ya ji dai an ce a gidan Maradun za a ɗauka, ya sa hannu a ƙasan takardar bai karanta ba, don a lokacin ana ta kiransa a waya kan buhunan gyaɗar da suka maƙale a Bakura.

"Gwada naki, ɗiyata," in ji shi. "In bai yi ba, mawaƙina na nan, bai tahi ko'ina ba."

Ita ba baje kolin ne kaɗai a ranta ba. Zuwanta Maradun na ƙarshe, Kaka ta ce mata kafaɗa ta ƙi, daga gyaɗar bana ta ajiye muciya ke nan. A madafin nan Fiddausi ta yi dukan hutun makarantarta, tana zaune a kan 'yar kujera ta tsuguno, tana jiran a miƙo mata ƙulin farko mai ƙona baki. Ta san in wannan bidiyo bai yiwu ba, babu wani dalili da zai sake kai kyamara gidan nan kafin a jingine turmi.

Mai ɗaukar bidiyon da ta samu sunansa Zaharadeen, yana da ɗan shago kusa da tasha. Ba ma'aikacin kowa ba ne, duk wanda ya kira shi nasa ne: biki, walimar sauka, taron 'yan siyasa. Mutum ne mai faɗin baki da son raha. Ya karɓi takardar ya gyara zama, ya fara karantawa da ƙarfi kamar mai karanta sanarwa a rediyo, ita kuwa ta ja mayafi ta rufe rabin fuska.

"Hoto na ɗaya. Bangon madafi, baƙi da hayaƙin shekaru, hasken hantsi na sauka a kansa. Kyamara a kafe, sakan uku." Ya ɗago. "Malama Fiddausi, bango? Ni da aka sani da amare, bango za ki sa in ɗauka?"

"Ci gaba dai."

"Na biyu, gyaɗa cikin kasko ana juyawa, a matso ƙwarai. Na uku, faifai, ɓawo na tashi. Na huɗu, turmi da muciya, ana tsiyaya ruwan zafi har mai ya taso. Wannan shi ne zuciyar bidiyon, a ba shi lokaci. Na biyar, man da ake kwasa da ludayi, a yanke zuwa roba tana cika a kamfani." Ya gyaɗa kai. "Wanga yankan ya yi min. To ba a ce an yi ma mutane wayo ba? Su ɗauka da hannu kuke matsa?"

"Akwai rubutu a ƙasa. A kan na Kaka a sa 'A nan muka faro', a kan na inji a sa 'Yau a Talata Mafara'. Yawancin mutane ma ba su buɗe sauti in suna kallon waya, dole rubutun ya fito sosai."

Ya sauka zuwa inda ta rubuta yanayin da take so. Layi ɗaya ne: kamar safiyar hutu a gidan kaka. A ƙarƙashinsa ta jera abubuwan da ba ta so. Ban da kiɗa, ƙarar aikin kaɗai za a ji. Ban da furanni a gefen hoto, ban da rubutu mai walƙiya, ban da jan tafiya a hankali irin na shigowar amarya. Ban da fuskar kowa, hannu kawai.

"Kin kwashe min kayan aiki duka," ya ce yana dariya. "Ko ɗan jirgin nan nawa ba ya tashi sama ya ɗauko gari?"

"Ba ya tashi."

Shafi na biyu bai yi masa wasa ba, don a nan aikinsa yake. Guda mai sakan talatin, a tsaye, na sitatus ɗin waya. Guda mai minti ɗaya, a kwance, na allon da za a kafa a rumfar baje koli. Guntu mai sakan goma sha biyar. Hotuna goma na fosta. Tambarin kamfani da lambar waya da lambar rajista a sakan ukun ƙarshe. Gyara sau biyu. Ɗanyen abin da aka ɗauka gaba ɗaya a filashi. Ya ɗauki biro ya ƙara da hannunsa cewa kowane hoto za a ɗauke shi sau biyu, a tsaye da a kwance, don in aka yanko na tsaye daga na kwance rabin turmi zai ɓace. Ya kuma ce rana ɗaya gare shi, Alhamis, don daga Juma'a yana Gusau wajen biki, in ya dawo kuma tacewa ce kawai za ta ci sauran lokacin.

Fiddausi ta fito daga shagon zuciyarta fes. Ta kira Maradun, Anti Taiba ta ɗauka, matar ƙaramin kawunta da ke zaune tare da Kaka. Bayan sun gaisa, an tambayi kowa da kowa har da masu jego na maƙwabta, sai ta ce, "Ranar Alhamis ta sama muna tahe da mai hoto, za a ɗauki Kaka da aikinta." Iyakar abin da ta faɗa ke nan. A ganinta komai yana cikin takarda.

Ranar Alhamis suka yi sammako, Bawa direban kamfani yana ja. Lokacin kaka ne, ana ta cirar gyaɗa a gonaki, an kifa ta jere-jere tana shan rana, dawa ta sunkuyar da kai. Fiddausi tana bayan mota tana kallon hanya, tana jin ƙamshin madafin nan a hancinta tun ba su isa ba: gyaɗa soyayya, toka, da ɗan ɗacin hayaƙin icce. Akwai wani gurbi a bangon inda Kaka take ajiye ashana da gishiri, akwai kuma sawun yatsu a gefen ƙofa inda kowa yake dafawa in zai sunkuya ya shiga, wurin ya yi santsi har yana ƙyalli.

Tun daga zaure ta ji wani wari da ba ta san gidan da shi ba. Ta yi sallama ta shiga, sai ta tsaya cak.

Madafin yana nan inda yake, amma an yaɓe shi da siminti, an shafa masa fenti shuɗi mai ɗaukar ido. Gurbin ashana ya toshe. An share tsakar gida har ba ko tsinke, an yayyafa ruwa. Inda turmi yake zama an jera sababbin robobi ja da kore, an kafa risho mai gas. A tsakiya kuwa, a kan farar kujerar roba, ga Kaka nan zaune cikin leshi mai nauyi, an kafa mata ɗauri, hannuwa sun sha lalle, zobba uku a yatsu. A gabanta an ajiye tire shaƙe da ƙuli-ƙuli da kwalaben mai, an rufe da farin kyalle mai raga.

"Maraba da mutanen Mafara!" in ji Anti Taiba, ita ma cikin kwalliya. "Lale, lale! Kun taho lahiya? Ya hanya? Ya su Yaya?"

Fiddausi ta durƙusa ta gaida Kaka, an kwana lahiya, ya jiki, ya kafaɗa, ya baƙon kaka, bakinta yana amsawa idonta yana kan bango. Da aka yi wa Zaharadeen iso ya shigo da jakarsa, ya gaisa, ya zaro takarda daga aljihu, ya dubi hoto na ɗaya, ya dubi bango, ya mayar da takardar aljihu a hankali.

"Kin ga aikin Yaya Alhaji?" Anti Taiba ta ce tana shafa fentin. "Ranar da kinka kira, washegari ya aiko da magini. Yac ce ba a nuna ma duniya uwa tai cikin baƙin bango. Mu kuma jiya munka yini aiki, munka gama komi, don kada baƙi su iske mu cikin dauɗa. Ga mai, ga ƙuli. Sai ɗauka kawai."

"Kun gama?" in ji Fiddausi. "Turmin fa?"

"Yana bayan garken awaki. Wa zai bar wanga tsohon abu a gaban kyamara?"

Zaharadeen ya ja ta gefe, wajen randa. Wasa ya bar fuskarsa.

"Malama, daga na ɗaya har na huɗu babu ko guda. Ni abin da ke takarda nike ɗauka, shi munka yi magana a kai. In kina so in ɗauki Hajiya haka da tirenta, in ɗauka, zai yi kyau, amma gaisuwar salla zai zama, ba abin da kinka rubuta ba. Kuma Bawa ya ce da la'asar sai mun kama hanya, kin san ba a bari yamma ta yi."

Ta san haka. Ta kuma san abin da zai biyo baya in ta koma da hoton tire: kawu zai kalla, ya ce ai da ma ya faɗa, ya ɗauki waya ya kira mawaƙinsa. Shafi biyu ta rubuta wa baƙo, ta auna kowace kalma, amma mutanen da za a shiga gidansu jimla ɗaya ta ba su. Kuma a garin nan wa za a ce masa mai hoto na zuwa ya zauna cikin toka?

"Ke, 'yar boko," Kaka ta kira. "Mi kuke ƙus-ƙus a bakin randa? Ɗaurin ga ya fara cin kaina. A ɗauka in kwance shi."

Fiddausi ta zo ta zauna a ƙasa kusa da ƙafarta. Ta daɗe tana murza bakin mayafi.

"Kaka, bangon nan na da nike so a ɗauka. Baƙin."

"Baƙin?" Kaka ta dube ta, ta dubi Taiba. "Kin ji min ɗiya. Karatun ne yay yi mata yawa?"

"Shi na sani. Tun ina ƙarama."

"Ke kin san shi da hutu, kina zaune ana miƙo maki ƙuli. Ni na san shi da damina, icce jiƙe, ido na ruwa, tari har asuba. Tun kakanku na da rai nike roƙon a yaɓe min wurin ga, kullum sai a ce bayan kaka. Yau Allah ya kawo mai hoto an yaɓe, ke kuma kin zo kina min makoki. Ni dai ina son shuɗina. Da na san haka na, da tuni na ce mai hoto na tahe."

Anti Taiba ta tuntsire da dariya, har Zaharadeen sai da ya juya baya. Fiddausi ma ta yi murmushi, idonta ya ciko. Ba ta taɓa tambayar kanta yadda bangon yake a idon mai tsayuwa gabansa ba.

"To a bar bango," ta ce. Sai ta ji maganar tana fitowa da kanta, a gaban Anti Taiba, a gaban baƙo, abin da ba ta saba ba. "Amma hannunki nike so, Kaka. Kin ce daga bana kin daina. Ina son ya zamana akwai inda zan buɗe in gan ki kina juya turmi, in ji ƙarar. Ba tire nike so ba. Tire kowa na da shi."

Kaka ta dubi lallen hannunta.

"Wato shirin mutuwa kike min."

"Kaka!"

"To mi na? Taiba, akwai sauran gyaɗa a buhun nan?"

"Akwai kamar tiya biyu, Inna. Amma leshinki..."

"Leshi ai ba fata ba ne, ana tuɓe shi. A ɗauko min turmina. In awaki sun yi mai wani abu, ke da su."

Nan da nan gida ya rikice. Aka mirgino turmi aka wanke da ruwan zafi, aka kife ya tsane. Aka ture risho gefe aka haɗa murhu. Kaka ta shiga ɗaki ta fito da tsohuwar atamfarta da ta koɗe, amma ɗaurin kai ta ce ba mai taɓa shi, wahalar da ta sha kafin a kafa shi ba za ta tafi a banza ba. Zobban ta zare su da kanta ta ba Fiddausi, ta ce ba a taɓa tunkuza da zobe.

Fiddausi da Zaharadeen suka zauna a bakin tabarma da takarda a tsakaninsu. Ta ja layi a kan hoto na ɗaya, hannunta bai so ba. A madadinsa ta rubuta: wuta tana kama icce a murhu, a matso. Ya ce hasken hantsi kuma ya riga ya wuce, kafin a soya gyaɗa a kai inji a dawo rana ta take tsaka, hasken tsakar rana kuwa yana ƙona hoto, ya sa inuwa baƙi ƙirin a ƙarƙashin komai. Ya zagaya gidan yana duban sama, ya tsaya a rumfar da ke jikin madafi, inda rana take ratsowa ta ramukan zana tana zuba ɗigo-ɗigo a ƙasa.

"A nan za a kafa turmi. In na matso, na buɗe idon kyamara, shuɗin zai narke a baya, ba mai cewa fenti na. Amma fa zai fito shuɗi. Ba ni iya maida shi baƙi."

"A bar shi shuɗi," in ji ta. Ta rubuta hakan, ta sa hannu a gefen gyaran, shi ma ya sa.

Suyar gyaɗa ba ta ba su wahala ba. Faifai ne aka maimaita har Kaka ta fara mita, don iska tana kwashe ɓawon zuwa inda kyamara ba ta kallo, ga shi kowane abu sai an yi shi a tsaye an yi shi a kwance. Bawa ya karɓi kwanon gyaɗa ya kai inji da kansa, yana cewa shekararsa ashirin yana tuƙi ba a taɓa aikensa niƙa ba sai yau. Kafin ya dawo aka yi azahar, aka ci tuwo, Zaharadeen ya ɗaure ɗan makirfo a ƙafar kujera dab da turmi, ya roƙi Anti Taiba da maƙwabtan da suka fara leƙowa ta katanga su yi wa Allah su yi shiru.

"Mu yi shiru a gidanmu?" in ji wata daga bayan katanga.

"Na ɗan lokaci, Hajiya. In an gama ku rama."

Aka juye niƙaƙƙiyar gyaɗa a turmi. Kaka ta gyara tsayuwa, ta kama muciya, ta yi bisimilla. Da farko tana yi tana satar kallon kyamara, ta ƙame wuya kamar mai ɗaukar hoton fasfo. Amma da ta tsiyaya ruwan zafi na farko, ƙullun ya fara kama muciya yana yin nauyi, sai ta manta da kowa. Kafaɗar da ta ƙi ta karɓa. Ƙarar ta cika rumfar, wani luƙui-luƙui mai nauyi, da ɗan nishin da take saki a ƙarshen kowane juyi. Fiddausi tana tsugune a bayan Zaharadeen tana kallon ɗan allon kyamara. Lallen da ta so a ce babu shi ya fito ja a kan farin icen muciya, jijiyoyin hannun sun miƙe, ɗigon rana yana yawo a kansu.

"Yaro, in za ka ɗauka ka ɗauka," Kaka ta ce ba ta ɗago ba. "Ga shi nan tahe. In ya fito ba ya komawa don kai."

Zaharadeen ya riga ya san wannan ba a maimaita shi. Ya kafa babbar kyamara a kwance a kan ƙafafunta, ya miƙa wa Fiddausi wayarsa a tsaye, ya nuna mata inda za ta tsaya, ya ce ta manne gwiwar hannu a jiki kada ta yi rawa. Ƙullun ya dunƙule ya yi duhu, ya fara ƙyalli, sai ga mai yana tsattsafowa ta gefe, yana taruwa a hankali har ya kwanta a kansa, rawaya, rumfar zana tana kallon kanta a ciki. Ba wanda ya yi tari. Har na bayan katanga sun yi tsit.

Da aka kwashe mai, Kaka ta zauna tana haki, ta goge goshi da gefen zane.

"Mu gani."

Zaharadeen ya juyo mata allon. Ta kalla har ƙarshe, ta ƙanƙance ido.

"Ina ni?"

"Ga hannunki nan, Hajiya."

"Hannu? Na kwana da lalle, na sha ɗauri tun asuba, a nuna hannu kamar na ɓarawo? Wa zai san ni ta?"

"Takarda ta ce ban da fuska," in ji Zaharadeen, yana nuna Fiddausi da haɓa.

"Don mutunci na sa, Kaka. Mutane da yawa za su gani, har waɗanda ba ki sani ba."

"Taiba ce ke da mai hana ta, ita a bar ta. Ni wa zai yi kishina, liman? Sunana na bisa robar, fuskata ce za a ɓoye?"

Fiddausi ta sake jan wani layin a takarda. Ta ce amma sai kawu ya gani ya yarda kafin a saki, don haka a tace iri biyu, mai fuska da marar fuska. Zaharadeen ya sa Kaka ta faɗa da bakinta a gaban kyamara cewa ta yarda a nuna ta a talla, sannan ya ce ta dubi jikarta, kada ta dubi gilashi. Kaka ta dubi Fiddausi, ta ga yadda ta riƙe zobba uku a tafin hannu kamar mai riƙon ƙwai, sai dariya ta ƙwace mata. Ita ya ɗauka.

Ana kiran la'asar suna barin gari, da ƙuli mai zafi a leda. Na kamfani, robar da ke cika da tambari, a ranar suka ƙarasa shi a Mafara da fitilar Zaharadeen.

Bayan ya dawo daga Gusau ya turo tacewar farko. Fiddausi ta kai wa kawu a ofis, ta ajiye wayar a gabansa, ta koma bakin ƙofa ta tsaya. Mai fuskar ta fara sa masa. Wuta ta kama icce, gyaɗa ta juya a kasko, ɓawo ya tashi, sai ƙarar turmi.

"Ina kiɗan?" ya tambaya. "Waya ta lalace?"

"Babu kiɗa, Kawu."

Da fuskar ta fito ya ɗan ja baya a kujera. Bidiyon ya ƙare a kan tambari, ya sa yatsa ya maido shi farko. Ya sake maidowa. Wani ma'aikaci ya leƙo da takardar lodi, ya ɗaga masa hannu ya koma.

"Da wagga ƙarar nike tashi in tahi makarantar allo," ya ce, ba ita yake kallo ba. "In na ji ta tsaya, na san an kusa kirana in ɗauki tire." Ya share wuya, ya gyara hula. "Siminti buhu nawa na aika, ba a ga ko kusurwar bangon ba."

"Ga shi can a baya. Shuɗin nan."

"Hm. Ita ta ce a sa fuskarta?"

"Har faɗa ta yi."

"To wa ya isa ya cire." Ya turo mata wayar. "Gyara nawa kinka ce muna da shi wajen yaron nan?"

"Biyu."

"Ki ce ya ƙara girman lambar waya, mai sayen mai ba ya yawo da tabarau. Na biyun kuma, wurin da mai ke tasowa, ya ɗan ƙara mai tsawo a na baje kolin. Sauri mi yake?"

Ta ce to. Ta fito tsakar kamfani, injin matsa yana ta ruri, ta samu inuwar mota ta tsaya ta fara rubuta wa Zaharadeen gyaran, ɗaya bayan ɗaya, da sakan ɗin da kowanne zai shafa. Tana cikin rubutu kawu ya leƙo ta taga ya ce ta turo masa mai minti ɗayan a wayarsa yanzu, ko ba a gyara ba.